Kuɗin da ya shiga asusu ya fi wanda na bayyana

"Abin da ya shiga asusuna na banki a bara ya zarce kuɗin shigar da na bayyana wa hukumar haraji. Na shiga matsala ke nan?"

Ɗan'uwa, ba duk abin da ya shiga asusu ne ake biya wa haraji ba, amma kai za ka nuna asalinsa. A ce ka bayyana miliyan 4, asusu ya nuna miliyan 7. Karɓo bayanan asusunka na shekarar, ka bi shigar kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila miliyan 1 daga wani asusunka ka turo, miliyan 1.5 kuma rance ne. Na farko bayanan ɗaya asusun za su wanke ka. Rance kuwa yana son takardar yarjejeniya da shaidar kana biya, domin "yayana ne ya ba ni" da baki kawai ba ya gamsar da mai bincike.

Saura dubu 500. In cinikin da ka manta ne, ka gyara bayaninka kafin su neme ka, tara ta fi sauƙi a lokacin. Kada ka ƙirƙiri takarda da tsohon kwanan wata, wannan ya fi giɓin kansa muni. In wasiƙar bincike ta riga ta iso, ka ga akanta ko lauyan haraji kafin ka amsa.