Oksijin ya yi yawa a ruwan Dadin Kowa

"Na ɗebo ruwa daga madatsar Dadin Kowa, na auna oksijin da hanyar Winkler, sai na samu miligiram 11 a lita. Anya haka ne?"

Da kamar wuya, ɗan'uwa. Ruwa mai zafin digiri 30 da ƙyar yake riƙe miligiram 7.5 a lita, sai in gansakuka ta cika wurin da tsakar rana. Iskar da ta shiga kwalbar samfurin nake zargi. Ka ga, da ka zuba MnSO₄ da haɗin KI da NaOH, farin gari na Mn(OH)₂ ke sauka, oksijin ya mai da shi ruwan ƙasa, wato MnO(OH)₂. Garin nan bai san oksijin madatsa da na kumfa ba, duk kamawa yake yi. Sai H₂SO₄ ya narkar da shi, manganis ya saki aidin, ƙwayar I₂ biyu kan kowace O₂ ɗaya. Aidin ɗin kake ƙirgawa da tayosalfet, wato Na₂S₂O₃: in ruwan ya koma kalar kara ka ɗiga sitaci, ka ci gaba har shuɗin ya ɓace. In ƙarfin tayosalfet 0.025 M ne, samfurin kuma mililita 200, kowace mililita ɗaya ta tayosalfet da ka ɗiga miligiram ɗaya ce ta oksijin a lita.

Ka cika kwalbar har ta tumbatsa, ka toshe, ka kifa ta. Ko kumfa ɗaya ka gani, zubar ka sake. Maganin farko, wato MnSO₄ da haɗin KI da NaOH, a bakin ruwa ake zuba shi, ba sai ka iso Gombe ba. Ni kuwa tsohon tayosalfet ne ya taɓa yi mini haka: ya kwana biyu a kan kanta ƙarfinsa ya ragu, yana ta shan mililita, sakamakon ya yi sama. Ka gwada ƙarfinsa da KIO₃ tukuna.