Hukuncin zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo bayan nazarin alƙalin wasa, yanayi da halin ƙungiyoyi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Jos, kuma na daɗe ina bibiyar ƙwallon ƙafa. Ba na zuba kuɗi da ka kamar yadda wasu suke yi. Kafin kowane wasa nakan duba wane alƙali ne zai busa da yawan katin da ya saba bayarwa, in duba ko za a yi ruwa ko iska, sannan idan kakar wasa ta zo ƙarshe in duba wace ƙungiya ce take neman tsira da wadda ba ta da sauran abin nema. Abokaina sun ce wannan ya zama ilimi da wahalar mutum, ya fita daga caca. Shin abin da nake ci halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya. Abin da kake yi caca ne, kuɗin da ake ci ta wannan hanya haramun ne, kuma nazarin da kake yi bai canza hukuncin ba. Zan bi da kai ta cikin dalilin a hankali, domin shubuhar abokanka tana da kama da gaskiya, kuma bai kamata a kore ta da tsawa kawai ba.

Allah Maɗaukaki Ya ambaci caca da sunan maisir. A Suratul Baƙara aya ta 219 Ya ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Daga baya a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance su. Malamai sun siffanta caca da cewa mu'amala ce da kowane ɓangare yake sa dukiyarsa a kan wani al'amari da ba a san ƙarshensa ba, ta yadda dole ɗaya ya ci, ɗaya ya yi asara, ba tare da an sayar da kaya ko an yi wa wani aiki ba. Ka lura da cewa a cikin wannan siffa babu sharaɗin sai mai zubawa ya zama jahili. Ko ya yi nazari ko bai yi ba, idan alƙali ya busa tashi, ko dai kuɗinsa su tafi wurin kamfani, ko kuɗin wasu su zo wurinsa, kuma babu abin da ya bayar a madadinsu. Dalilin haramcin yana cikin yadda aka ƙulla yarjejeniyar, saboda haka ƙwarewar mai ƙullawa ba ta ɗauke shi.

Abubuwa ukun da ka ambata kuwa gaskiya ne suna tasiri a wasa, kuma ba zan musanta maka wannan ba. Alƙalai sun bambanta: akwai mai jan kunne da baki sau biyu kafin ya taɓa aljihu, akwai wanda ƙetar farko yake ɗaga kati domin ya kama ragamar wasan. A gasar cin kofin duniya ta 2006, alƙali Valentin Ivanov ya ba da katin gargaɗi 16 da jan kati 4 a wasan Fotugal da Holan, wasa ɗaya tak. Sai dai a nan ne mai nazari yake ruɗar kansa. Alƙali a babbar gasa yakan busa wasa ashirin da wani abu ne a kaka, kuma wannan adadi ya yi kaɗan a gina tabbaci a kansa, domin wasa biyu masu rikici sun isa su ɗaga matsakaicin katinsa na shekara. Bayan haka, gogaggen alƙali shi ake turawa wasan hamayya mai zafi, saboda haka katunan da ka gani a gaban sunansa wani kasonsu na zafin wasannin ne, ba na halinsa ba. Ranar da aka ba shi wasa mai sanyi sai ka ga ya tashi da kati biyu.

Yanayi ma takobi ne mai kaifi biyu. Kai da kake Jos ka san yadda fili yake zama idan ruwan Agusta ya sauka. Yayyafi yana sa ƙwallo ta yi gudu a kan ciyawa, ta suɓuce wa mai tsaron raga, ɗan baya ya zame ya kwashe ƙafar abokin karawa, wanda hakan yana iya ƙara ƙwallaye da katuna. Idan kuma ruwan ya yi yawa har ya kwanta, ƙwallo takan tsaya a tsakiyar hanya, kai hari ya gagara, a tashi babu ci. Iska mai ƙarfi tana ɓata dogon bugu da bugun kusurwa, amma ita ce kuma take karkatar da ƙwallon da ba ta da haɗari ta faɗa raga. Wanda ya duba hasashen yanayi da safe ya san za a yi ruwa, bai san ta wane ɓangare ruwan zai yi aiki ba.

Batun ƙarshen kaka shi ne ya fi jan hankalin matasa, domin a ido yana da sauƙi: wannan ƙungiya tana tsoron faɗawa rukuni na ƙasa, waccan ta riga ta zauna lafiya a tsakiyar tebur, to ai mai buƙata ce za ta ci. Amma buƙata ba ta ƙara wa ɗan wasa ƙwarewa, kuma ƙungiyar da take ƙasan tebur a watan Mayu rauninta ne ya kai ta can tun watan Agusta. Sau da yawa tsoro yana ɗaure ƙafafun masu neman tsira, waɗanda ba su da fargaba kuma su saki jiki su taka leda. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda ya kamata ya tsorata mai imani. A 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba a nan Najeriya, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema a lokaci guda, domin kowacce tana neman ta fi ɗaya yawan ƙwallaye, har hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada. Tun a 1982 aka ga irin haka a kofin duniya, inda Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya ɗaya da nema, sakamakon da ya wuce da su biyun ya fitar da Aljeriya, abin da ya sa aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya. Wasan da wani ɓangare yake tsananin buƙata, ɗayan kuma bai damu ba, shi ne ya fi saurin shigar haɗin baki, kuma kuɗin masu caca suna daga cikin abin da yake ciyar da wannan ɓarna.

Yanzu bari mu yi lissafi a kan tikitinka. A ce kamfani ya buɗe caca a kan ko katunan wasa za su kai biyar ko ba za su kai ba, ya sa ninki 1.90 a kowane ɓangare. Kai ka zuba naira 1,000 cewa za su kai, wani ya zuba naira 1,000 cewa ba za su kai ba. Kamfani ya karɓi 2,000, zai biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100 ko yaya wasan ya ƙare. Idan ka yi irin wannan sau ɗari ka kashe 100,000. In ka dace sau hamsin, 95,000 za su dawo maka, kuma sai ka dace sau 53 kafin ka ga ribar naira 700 kacal. To sunan alƙalin da ka gano ba sirri ba ne, ana sanar da shi kwanaki kafin wasa, kuma kamfanin yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Da zarar an ce alƙali mai zafin hannu ne, sai su sauke ninkin zuwa 1.70, inda sai ka dace sau 59 cikin ɗari kafin ka mayar da kuɗinka, ko su ɗaga adadin katin daga biyar zuwa shida. Idan kuma ka jera wasa biyar a tikiti ɗaya, kowanne kana da damar dacewa kashi 60 cikin ɗari, damar su zo gaba ɗaya ba ta kai kashi 8 ba. Na kawo wannan ne domin ka ga cewa jahilcin sakamako, wanda shari'a take kira garari kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana ciniki a kansa kamar yadda Muslim ya ruwaito, yana nan daram bayan duk nazarinka. Ko da a ce lissafin ya juya kana cin riba kullum, hukuncin bai motsa ba, domin abin da ka ci asarar wasu ce.

Wani zai ce ai shari'a ta yarda da gasa mai lada. Haka ne, hadisi ya zo a wurin Abu Dawuda da Tirmizi cewa babu lada a kan tsere sai a harbin kibiya ko tseren raƙuma ko na dawakai. Amma wannan rangwame na masu fafatawa ne da kansu, a kan abin da yake horar da su, kai kuwa kana gidan kallo a Jos, wasu suna gudu a wata ƙasa. Kwatanta shi da kasuwanci ma bai yi ba, domin ɗan kasuwan da ya sayi dankali ya kai Abuja ya mallaki kaya, ya ɗauki nauyinsu, kuma mai saye da mai sayarwa suna iya amfana su duka biyun, abin da ba ya yiwuwa tsakaninka da kamfanin caca.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka daina yau, ka rufe asusun, ka tuba. Asalin kuɗinka da yake ciki ka cire shi, naka ne. Abin da ya hau kansa na ci, ka fitar da shi ga mabuƙata ko wani aikin amfanin jama'a da niyyar tsarkake dukiyarka, wanda ka riga ka kashe kuma tuba ta gaskiya ta isar maka in Allah Ya so. Bai halatta ka sayar wa wasu hasashenka ko ka raba shi kyauta ga masu zubawa ba, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, ka ga ko gayyatar kaɗai an ɗora mata kaffara. Shi kansa sanin halin alƙalai da tasirin yanayi da yadda ƙungiyoyi suke a ƙarshen kaka babu laifi a cikinsa. Idan ka yi amfani da shi wajen sharhin wasanni a rediyo ko rubutu, ko ka taimaka wa kocin ƙungiyar unguwarku ya gargaɗi 'yan bayansa kafin su haɗu da alƙali mai saurin kati, ladan da aka biya ka a kan wannan aiki halal ne, matuƙar ba tallan caca ake yi da kai ba kuma bai shagaltar da kai daga salla ba.

Wallahu a'alam.