Gem yana miƙewa a faffaɗar monita

"Jama'a, na sayi monita mai faɗi, 3440x1440, amma wani gem ɗina sai ya miƙe, mutanen ciki duk sun zama gajeru masu ƙiba. Ya zan yi?"

Wallahi ɗan'uwa ina karantawa na ji kamar ni na rubuta. Monitarka lafiyarta ƙalau. Gem ɗin ne bai san siffar faffaɗan allo ta 21:9 ba, hoton 16:9 yake fitarwa, sai a ja shi ta gefe da gefe har ya cika allon. Daga faɗin 2560 zuwa 3440 kuwa ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku ne, dole mutane su kumbura.

Cikin gem ɗin ka zaɓi 2560x1440 da Fullscreen, don tsayin ya yi daidai da na allonka, hoton ba zai dusashe ba. In katin hoto na NVIDIA gare ka, buɗe NVIDIA Control Panel, shiga Adjust desktop size and position, ka zaɓi Aspect ratio, a Perform scaling on ka sa GPU. Kar ka manta da akwatin Override the scaling mode set by games and programs, shi ne yake hana gem ɗin yin gaban kansa. Masu AMD su kunna GPU Scaling su sa Preserve aspect ratio. Baƙi zai fito a kowane gefe, fiksel 440. Haka ya kamata ya zama, kar hankalinka ya tashi.

Amma don Allah ka kiyayi masu cewa ka taɓa fayil ɗin gem. Wani da nake ganin girmansa ya turo min faci mai canza fayil ɗin gem don hoto ya cika allo, har da rantsuwa wai shi ya daɗe yana amfani da shi. Gem ne da ake bugawa a intanet. Allo ya cika, na yi ta murna, da na dawo shiga sai ga sanarwa an rufe min akawun. Duk abin da na tara na shekaru, da abokan da muke bugawa da dare, shi ke nan. Na kira shi, sai cewa ya yi ai shi ba ya shiga intanet da nasa! Ko haƙuri bai ba ni ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Manhajar kama masu maguɗi ba ta tambayar niyyarka, canji kawai take gani. Irin su Flawless Widescreen, manhajar da ke tilasta gem ya cika faffaɗan allo, ka bar su ga gem ɗin da kake bugawa kai kaɗai.

Af, saitin NVIDIA da AMD ɗin nan ba ya aiki in gem ɗin yana kan Borderless, sai Fullscreen na gaske. Ka kuma leƙa menu ɗin monitar ta maɓallan jikinta, wasu suna zuwa a kan Full Wide, sai ka mayar Original. In ka gama, duba wani abu mai da'ira, taswirar kusurwa ko tayar mota. In har yanzu kamar ƙwai yake, da saura, ka faɗo mana sunan gem ɗin da katin hoton da ke kwamfutarka.