Hotuna sun miƙe bayan sauya girman silaid

"Na mayar da silaid ɗina na PowerPoint daga 4:3 zuwa 16:9, fuskoki sun yi faɗi, rubutu ya goce. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, faɗin shafin ne ya tashi daga inci 10 zuwa 13.33, tsayi bai motsa daga 7.5 ba, sai aka ja hoton gefe da gefe. Kada ka gyara da hannu. Danna hoton, ka zaɓi Reset Picture & Size, ka kunna Lock aspect ratio, sannan ka ja shi ta kusurwa kawai.

Rubutu kuwa, fara daidaita shi a Slide Master, wato babban silaid ɗin da sauran ke bin tsarinsa, sannan ka danna Reset a kowane silaid. Akwatin rubutun da ka zana da kanka ba zai bi ba, sai ka matsar da shi.