Wannan saƙon daga wace manhaja yake?

“Wayata tana ta nuna min ‘Error 403 Forbidden’. Ga hoton da na ɗauka, me ya faru?”

Ɗan'uwa, hotonka ya faɗi fiye da yadda kake zato. Dubi samansa: akwai wurin rubuta adireshi, da ɗigo uku a gefen dama. Wannan fasalin Chrome ne, wato shafin intanet ka buɗe, ba wayar ce ta lalace ba. Lambar 403 na nufin shafin ya ji buƙatarka amma ya hana ka shiga. Sau da yawa VPN ne sanadi, wato manhajar da ke ɓoye ainihin wurin da kake idan ka shiga intanet, ko kuma wa'adin shigarka ya ƙare. Kashe VPN, fita ka sake shiga. Idan ya ci gaba, turo adireshin shafin, amma ka rufe sunanka da lambar asusunka.