Dalilin fallaye siraran ƙarfe a cikin taransifoma

Tambaya: "Ina koyon naɗin koyil a Suame, nan Kumasi. Me ya sa ƙarfen cikin taransifoma falle-falle ne? Dunƙulalle bai fi ƙarfi ba?"

Ɗan'uwa, dunƙulallen ƙarfe gasa kansa zai yi. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun cikin ƙarfen na bin ta. Wannan canjin yana haifar da wuta mai kewayawa a jikin ƙarfen kansa, ita ce edi karant, kuma zafi kawai take zama. Shi ya sa ake yanka shi siri-siri, wajen milimita 0.3, a rufe kowane falle da abin da wuta ba ta ratsa shi, hanyar kewayawa ta ƙuntata. Ka sa mai kaurin 0.6 a madadinsa, wannan asarar ta ninka huɗu. Asara ta biyu, histerisis, ƙarfin da ake kashewa ne wajen juya maganaɗisun a kowane zagaye. Ita siranta ba ta maganinta, sai irin ƙarfe: mai silikon kusan kashi 3 cikin ɗari, wanda aka jera ƙwayoyinsa su fuskanci tsawon da aka murza shi.

Amma da sharaɗi: sai maganaɗisun ya bi wannan tsawon, in aka yanka falle a karkace an yi asarar kuɗi. Na taɓa buɗe wata taransifoma da ke zafi ko ba a ɗora mata kaya ba. Ashe wani ne ya goge gefen fallayen da garanda, ƙaiƙayin ƙarfe ya haɗe su, wurin har ya yi baƙi. Kar ka kankare rufin da ke jikin fallayen nan, kuma ka duba kusoshin ɗauri, kada su taɓa fallayen kai tsaye.