Yarona yana farkawa sau huɗu a dare: madara zan saya ko siro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana da wata biyu da rabi. Ina kwantar da shi ƙarfe 9 na dare, amma kafin kiran asuba sai ya tashe ni sau huɗu. Maigida ya ce nonona ne bai ishe shi ba, zai sayo madarar gwangwani, maƙwabciyata kuma ta ce akwai siron da ke sa yara barci. Wanne ya kamata mu saya? Daga wata uwa a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki gaya wa maigida ya riƙe kuɗinsa tukuna, domin abin da kika bayyana ya fi kama da yadda Allah ya tsara barcin jarirai, kuma babu gwangwani ko kwalbar da ke canza wannan tsari.

Barci zagaye-zagaye yake tafiya: mutum ya shiga marar nauyi, ya nutse cikin mai nauyi, ya sake tasowa kusa da farkawa, sannan ya fara wani zagayen. A wurin babba zagaye guda yana ɗaukar kusan minti 90, a wurin jariri kuwa minti 50 zuwa 60 ne kawai. Daga ƙarfe 9 zuwa 5 na asuba awa 8 ke nan, wato minti 480. Ke za ki yi zagaye biyar da ɗan wani abu, ki gyara kwanciya a tsakaninsu ba tare da kin tuna ba da safe, shi kuwa zai iso bakin farkawa kusan sau tara. Idan sau huɗu ya tashe ki, to sau biyar ke nan ya wuce da kansa ba ki sani ba. Ga shi kuma cikinsa ƙarami ne, nono yana saurin narkewa, saboda haka wasu daga cikin farkawar yunwa ce ta gaskiya, kuma shan daren yana ƙara miki ruwan nono.

Kusan rabin barcin jariri marar nauyi ne, kuma a nan iyaye mata da yawa suke ruɗewa. Za ki ga idonsa yana motsi ƙarƙashin fatar ido, yana murmushi, yana tsotsar leɓe, yana gurnani, har ya yi ɗan kuka guda ya yi shiru, alhali barci yake yi. Idan kika yi wuf kika ɗauke shi, ke ce kika tashe shi. Ki dakata minti ɗaya ko biyu kina kallo, ki ɗora tafin hannunki a ƙirjinsa a hankali. Idan ya buɗe ido yana juya kai yana neman nono, ki ba shi ba tare da kunna fitila mai haske ko yi masa wasa ba. Haka kuma a shekarunsa da marar nauyin yake fara barci, shi ya sa yake zabura da zarar kin sauke shi daga goyo. Ki jira kamar minti 20, ki ɗaga hannunsa ki saki, idan ya faɗi laƙwas numfashinsa kuma ya daidaita, sai ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, ba bisa matashin kai ba.

Siron nan dai kada ya shigo ɗakinki. Da yawa daga cikin irinsa maganin mura ne ko na ƙaiƙayi da ke kashe jiki, kuma mai ɗauke da prometazin an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Saurin farkawar da ke damunki ita ce ke sa jariri ya motsa idan zane ya rufe masa hanci. Madara kuwa tana iya daɗewa kaɗan a ciki, amma zagayen barci yana nan yadda yake, sai dai nononki ya ragu, a ƙara da haɗarin zawo idan ruwan haɗin ko kwalbar ba su da tsabta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6, ko da zafin watan Afrilu ne, kuma koko ma yana cikin abin da za a jinkirta, ko wace tsohuwa ce ta kawo shawarar.

Maganar maigida cewa nononki bai ishi yaron ba, ana iya gwada gaskiyarta. Idan yaron yana jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini da dare, kuma nauyinsa yana hawa a katin awo, nono ya ishe shi. Idan nauyin ya tsaya, ko yana ƙin kama nono, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya yi lis yana wuyar tashi, ki kai shi asibiti a ranar, ba sai lokacin awo ya zo ba. Daga wata uku zuwa shida yara da yawa suna fara haɗa zagaye biyu ko uku kafin su nemi nono, ko da yake wajen wata huɗu wasu sukan ƙara farkawa na ɗan lokaci. Kuɗin madarar kuwa, a sayi sabon gidan sauro mai magani idan naku ya yage, saura a yi miki cefane.